Cikar tsoka ko kumburi: ina ruwan kiriyatin yake zuwa, kuma lodi za ka yi ko a hankali?

Mafi yawan waɗanda suka fara shan kiriyatin, garin nan da masu ɗaga ƙarfe suke sha don ƙarin ƙarfi, da yawa a makon farko, abin da ake kira lodi, idan suka hau sikeli sukan tarar nauyinsu ya ƙaru da rabin kilo zuwa kilo 2. Wannan ƙarin ba sabuwar tsoka ba ce, domin tsoka ba ta ginuwa da irin wannan sauri, kuma ba kitse ba ne, domin garin kiriyatin ba abinci ba ne da zai ƙara wa mutum ƙiba. Ruwa ne. Daga nan ne gardama take tashi a gidajen ɗaga ƙarfe, daga Samaru har Sabon Gari: wannan ya ce ruwan ne ya cika masa damtse har hannun riga ya ɗame, wancan ya ce ruwan ne ya rufe masa layukan ciki ya kumbura masa fuska. Dukansu ruwa suke ambata, amma ba ruwa ɗaya suke nufi ba, kuma wanda bai raba su ba zai iya jefar da gwangwanin da ba shi da laifi ya ci gaba da abin da yake kumbura shi.

Mu fara da inda ruwa yake zama a jiki. Namiji mai kilo 70 yana ɗauke da kusan lita 42 na ruwa. Wajen lita 28 suna kulle a cikin ƙwayoyin halittar jiki, kuma tsoka ce take da kaso mafi tsoka a nan, domin kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne. Sauran lita 14 suna waje: kamar 3 a cikin jini, 11 kuma a tsakankanin ƙwayoyin, har da ƙarƙashin fata. Ka dubi jakar fiya wata da ake saukewa a shago. Idan kowace leda a cike take, jakar takan tsaya a ɗame, kana ganin shatin kowace leda ta waje. Idan biyu suka fashe ruwan ya taru tsakanin ledoji da jaka, nauyi bai canja ba, amma jakar ta zama lagwai-lagwai, shatin ya ɓace. Ledojin su ne ƙwayoyin tsoka, jakar ita ce fata. Sikeli ba ya bambanta su, ido ne da yatsa suke bambantawa.

Abin da yake yanke inda ruwa zai tsaya shi ne narkakkun abubuwan da suke kowane ɓangare. Ruwa yana ratsa bangon ƙwayar halitta cikin sauƙi, kuma yana bin inda narkakkun abubuwa suka fi yawa har sai ɓangarorin biyu sun daidaita. Sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, jiki yana tsare shi a waje, ƙwayoyin suna ta fitar da shi dare da rana. Shi ya sa duk ruwan da gishiri ya riƙe a waje yake zama. Kiriyatin kuwa akasin haka ne: kusan kashi 95 cikin 100 na wanda yake jiki a cikin tsoka yake. Bangon ƙwayar tsoka yana da wata ƙofa ta musamman da take jan sa daga jini ta tura shi ciki, ko da na cikin ya ninka na jinin sau da yawa. Da ya shiga, ruwa ya biyo shi.

Nawa ne ruwan? Mutumin nan mai kilo 70 yana da kusan gram 120 na kiriyatin tun kafin ya sayi komai. Hanta da ƙoda suna haɗa masa kamar gram 1 a rana, nama da kifi su ba shi wani gram ɗin, sannan kusan gram 2 su lalace su fita ta fitsari. A 1992 Roger Harris da Eric Hultman da abokiyar aikinsu suka nuna a Sitokholam cewa shan gram 5 sau da yawa a rana yana ɗaga abin da ke cikin tsoka, kuma wanda rumbunsa ya fi zama fanko shi ya fi ɗauka. Ƙarin da aka saba gani shi ne kashi 20 cikin 100, wasu su wuce haka. A jikin mutuminmu wannan gram 20 ne zuwa 30. Idan aka lissafa ruwan da wannan adadi yake buƙata don kada cikin ƙwayar ya fi wajenta kauri, ana samun rabin lita zuwa ƙasa da lita guda kaɗan. Ga kuma wani ƙari: tsokar da ta cika da kiriyatin takan ajiye gilaikojin, wato sitacin da take ƙonawa lokacin aiki, fiye da da, kuma kowane gram na gilaikojin yana tafe da kusan gram 3 na ruwa. Haɗa su biyu, ka samu kilon nan guda da sikeli yake nunawa.

Ga inda nake son matasa su rage buri. Kilo guda na ruwa a kan tsokar da ta kai kilo 30 ƙarin kashi 3 ne cikin 100. Tsoka ba ta ƙara tsawo, faɗi kawai take ƙarawa, kuma ƙarin kashi 3 a girmanta gaba ɗaya yana nufin kusan kashi 1.5 a kewaye. Damtsen da tef ɗin tela ya auna santimita 33 zai samu, idan ya yi yawa, rabin santimita. Mai jikin zai ji hannunsa ya yi tauri, zai ga kafaɗa ta ɗan zagaye bayan motsa jiki, amma abokan lakca ba lallai su lura ba. Wanda ya ce maka kiriyatin kaɗai ya mai da shi ƙato cikin mako biyu, to ka tambaye shi me kuma yake sha.

Shin duk ruwan ciki yake shiga?

Masu sayarwa sukan rantse cewa ko ɗigo ba ya zuwa ƙarƙashin fata. Wannan ya zarce abin da aka auna. A 2003 Michael Powers da abokan aikinsa suka bi maza da mata masu ɗaga ƙarfe na kwana 28, suka auna ruwan jikinsu gaba ɗaya da na waje. Ruwan jiki ya ƙaru ga masu shan kiriyatin, amma rabonsa tsakanin ciki da waje bai canja ba. Wasu binciken kuma sun ga na cikin ne ya fi ƙaruwa. Akwai ma dalilin da zai sa na waje ya ɗan motsa, domin ƙofar nan da take jan kiriyatin da sodiyam take aiki, kuma a kwanakin farko ƙoda takan rage fitsari.

To mu ɗauki mafi munin lissafi, a ce ruwan ya rabu yadda ruwan jiki ya saba rabuwa. Daga lita guda, kashi biyu cikin uku sun shiga ƙwayoyi. Saura kamar mililita 330 a waje, kwata ɗinsu ya tafi jini, ya rage wajen 250. Ko da duka 250 ɗin sun kwanta ƙarƙashin fata, abin da ba ya faruwa domin wani yana tsakanin zaruruwan tsoka da kayan ciki, faɗin fatar baligi kusan murabba'in mita 1.8 ne. Raba wannan ruwa a kan wannan faɗi, kaurinsa bai kai kwatan milimita ba. Ba shi ne zai rufe layukan cikin da suke a bayyane ba. Abin da yake tsakanin tsokar ciki da idon mai kallo a jikin yawancinmu kitse ne mai kaurin santimita guda ko biyu ko fiye, kuma shi ba ya zuwa ya tafi cikin mako.

Yanzu kwatanta wannan da gishiri. Kowace lita ta ruwan da ke wajen ƙwayoyi tana ɗauke da sodiyam da ya yi daidai da kusan gram 8 na gishiri. Ma'ana, idan jiki ya riƙe ƙarin gram 8, zai riƙe kusan lita guda tare da shi, kuma wannan litar gaba ɗaya a waje take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce gram 5 na gishiri a rana. Ka yi tunanin ɗalibin da ya karya da indomi leda biyu ya zuba duk sinadarin da ke ciki, da rana ya ci shinkafa da miya mai dunƙule, da dare ya tsaya wajen mai tsire a Kwangila aka barbaɗa masa yaji hannu sake. Ba sai an auna ba, ya wuce gram 5 nesa ba kusa ba. Washegari zai tashi fuska ta ɗan hau, zobe ya matse, robar safa ta bar shati a ƙafa. Ƙoda mai lafiya za ta fitar da wannan cikin kwana ɗaya zuwa uku idan an sassauta. Wannan hawa da sauka shi ne tambarin ruwan waje. Na kiriyatin yana hawa sau ɗaya ne, ya tsaya cak muddin ana sha, ba ruwansa da abin da aka ci jiya.

Akwai wuri na uku da ake mantawa, kuma shi ne ya fi ɓata wa kiriyatin suna: hanji. Garin ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi. Idan mutum ya kurɓe gram 10 ko 20 a tashi ɗaya, wanda hanji bai tsotse ba zai zauna a can yana jan ruwa zuwa cikin hanjin. Ciki ya yi ƙugi, ya kumbura, wani ya yi gudawa. Mai shi ya dubi madubi ya ga tumbi ya fito, sai ya ce ruwa ya taru ƙarƙashin fata. Ba fata ba ce, ba tsoka ba ce, kuma maganinsa rage yawan abin da ake sha a zama ɗaya ne.

Yadda za ka gane wanne ne a jikinka

Mu ɗauki misali, ɗalibi a Samaru mai kilo 70.0 wanda ya fara lodi ranar Litinin. Kafin ya fara ya hau sikeli safiya uku a jere, bayan ya yi fitsari, kafin ya ci komai, ya ɗauki matsakaici, domin nauyin mutum kan yi sama da ƙasa da rabin kilo ko fiye daga rana zuwa rana ko da bai sha komai ba. Ya auna damtse a sake da kuma kewayen ciki daidai cibiya: santimita 33 da 80. Bayan kwana 7 sikeli ya ce 71.1, damtse ya kusa 33.5, cibiya tana nan 80. Jijiyoyin da suke bayan hannunsa suna nan yadda suke. Wannan ruwan cikin tsoka ne, ba abin da zai gyara.

A mako na uku, safiyar Lahadi bayan walimar biki, sai ya ga 72.0, idanu sun ɗan kumbura, cibiya 81. Idan ya zargi kiriyatin ya yi kuskure, domin tsokarsa ta riga ta cika tun makon farko, ba ta da wurin ƙara ɗauka. Ya koma abincinsa na kullum, ranar Laraba zai ga ya dawo kusa da 71. Gishiri ne da tulin shinkafa. Amma a ce bayan wata biyu yana 74, cibiya ta kai 84 kuma ba ta sauka: wannan kitse ne. Yawanci za ka tarar ranar da ya sayi kiriyatin ya haɗa da babban buhun garin ƙara nauyi, wanda akasarinsa sitaci ne da sukari, ko kuma ya ninka tuwo da sunan gina jiki. Abu biyu aka fara rana ɗaya, aka ɗora wa ƙaramin gwangwani laifin babban buhu.

Gwaji na ƙarshe na yatsa ne. Danna babban yatsa a kan ƙashin ƙauri, ɗan sama da idon sawu, ka riƙe kamar daƙiƙa 10, ka ɗaga. Idan rami ya zauna yana cikowa a hankali, wannan kumburi ne na gaske, kuma likitoci sun san ba ya bayyana haka a ƙafafu biyu sai ruwan da ya taru a waje ya kai wajen lita 2.5 zuwa 3. Kiriyatin ba shi da ƙarfin tara wannan. Don haka ramin yatsa, ko kumburin fuska da ba ya sauka, ko fitsari mai kumfa sosai, ko haki idan an kwanta, ba batun canja gwangwani ba ne. A dakata da sha, a je asibiti a duba ƙoda da zuciya da hanta da hawan jini. Ƙafa ɗaya tilo da ta kumbura tana zafi kuwa, ranar za a je, ba gobe ba.

Kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da ake haɗiya. Magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofin, waɗanda 'yan ƙarfe suke sha kamar gyaɗa bayan ranar atisayen ƙafa, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Amlodifin na hawan jini yana kumbura idon sawu. Ƙwayoyin ƙiba da ake haɗawa a kemis, masu ɗauke da deksametazon ko firedinisolon, suna zagaye fuska su tara kitse a ciki da ƙeya, su kuma cinye tsokar hannu da cinya, wato kishiyar abin da aka je nema. Allurar testostiron da ƙwayoyin sitiroyid na gina jiki su ma suna tara ruwa a waje ƙwarai. Da yawa daga cikin fuskokin da ake nunawa a ce aikin kiriyatin ne, aikin waɗannan ne, mai su ne kawai ya fi jin daɗin ambaton abin da ba a jin kunyarsa.

Lodi ko a hankali

Wannan ne ainihin zaɓin, kuma an gwada shi kai tsaye. A 1996 Hultman da Paul Greenhaff da abokan aikinsu suka ba wasu maza gram 20 a rana na kwana 6, wasu kuma gram 3 a rana na kwana 28. Dukansu sun ƙare a wuri ɗaya, ƙarin kusan kashi 20 cikin 100 a tsoka. A wannan aikin ne aka ga fitsarin masu lodi ya ragu a kwanakin farko, abin da ya nuna nauyin na ruwa ne. Sun kuma nuna gram 2 a rana ya isa ya riƙe abin da aka tara, sannan wanda ya daina gaba ɗaya yana gangarowa zuwa inda ya fara cikin kusan wata guda.

Ke nan lodi ba ya ba da cika mafi girma, sauri kawai yake bayarwa. Abin da kake saya da shi mako uku ne. Abin da kake biya kuwa ya fi haka. Duk ruwan yana zuwa cikin 'yan kwanaki, don haka za ka ji shi: tsoka ta yi tauri, wasu su ji ƙafa ta yi nauyi a gudu. A nan ne matsalar hanji take, musamman ga wanda ya gaji da rabawa gida huɗu ya haɗe su biyu-biyu. Bayan kwana biyu ko uku na farko kuma, yawancin abin da kake sha fitsari yake tafiya, domin ƙofar tana rage ɗauka yayin da tsoka take cika. Ga aljihu ma akwai magana. Gwangwani mai gram 300, idan ka yi lodin kwana 6 ka cinye 120, saura 180 za su kai ka kwana 60 a kan gram 3, jimla kwana 66. Wanda ya bi gram 3 tun farko zai yi kwana 100 da gwangwanin nan.

A hankali kuwa, ruwan yana shigowa cikin mako huɗu, ya gauraya da hawa da saukar yau da kullum har wasu su ce bai yi musu aiki ba. Wannan ne kaɗai aibinsa: ba ya ba mutum abin nunawa a makon farko, kuma matashi da ya kashe kuɗinsa yana son ya gani. Ni dai ga wanda babban tsoronsa kumburi ne, ban ga dalilin lodi ba. Gram 3 zuwa 5 a rana, mai babban jiki ya ɗauki 5, kullum har ranar hutu, a cikin abinci ko bayansa. Cokalin shayi a shafe yana ɗaukar kusan gram 3 zuwa 4, amma cokulanmu ba girmansu ɗaya ba, don haka ɗan ludayin da ke cikin gwangwani ya fi, ko a auna sau ɗaya a ƙaramin sikeli a gane iyakarsa. A dama shi a ruwa mai ɗumi ko kunu ko koko a sha nan take, kada a jiƙa da safe a bar shi a gora har dare, domin a cikin ruwa, musamman mai tsami da zafi, a hankali yake lalacewa. Cin sa da abinci mai sitaci yana ɗan taimaka wa tsoka ta ɗauka saboda insulin, amma wannan ba hujjar zuba sukari cokali biyar ba ce.

Lodi yana da wurinsa ga wanda yake da gasa ta ƙarfi ko gajeren gudu nan da mako biyu kuma bai fara da wuri ba. Shi ya sha gram 5 sau huɗu a rana, tsakaninsu awa uku ko huɗu, kowanne da abinci da ruwa, kwana 5 zuwa 7, sannan ya sauko. Lokacin azumi kuwa ba lokacin lodi ba ne sam, domin cusa gram 20 tsakanin buɗe baki da sahur neman ciwon ciki ne, ga ƙishin rana a gaba. Gram 3 bayan buɗe baki ya wadatar.

Akwai waɗanda ko a hankalin ma sai sun yi lissafi. Ɗan judo ko takwando ko damben zamani da yake bakin iyakar ajinsa na nauyi, kilo guda na ruwa kilo guda ne a sikelin alƙalai, ko a cikin tsoka yake ko a ina. Kuma ba ya sauka cikin kwana biyu, sai an daina mako huɗu zuwa shida kafin awo. Mai dogon gudu ma zai ɗauki nauyin ba tare da samun ribar da mai ɗaga ƙarfe yake samu ba. Mata kuma su auna kansu a rana ɗaya ta zagayen al'ada, wata da wata, domin ruwan da jiki yake riƙewa gab da zuwan al'ada zai iya kai na kiriyatin ko ya fi shi, kuma shi na waje ne. Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da mai sikila, da mai ciwon sukari ko hawan jini da ya daɗe, da yaron da bai kai 18 ba, kada su fara sai da likita.

Wani zai sha wata guda cur sikeli bai motsa ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar haka suke, domin tsokarsu a kusa da cika take tun asali, sau da yawa masu cin nama da kifi sosai. Kilo guda na ɗanyen naman sa yana da gram 4 zuwa 5. Wanda abincinsa tuwo ne da wake da ɗan nama jefi-jefi, kamar yawancin ɗalibai, shi ne ya fi ganin canji. Ƙara yawan garin ba ya buɗe ƙofar da ta riga ta rufe. Amma kafin mutum ya yanke cewa jikinsa ne bai karɓa ba, ya duba kayan: farin gari ne marar ɗanɗano sosai, mai ɗan yashi-yashi a harshe, kuma wanda aka ƙulla a leda ba suna ba lambar NAFDAC ba ka san me ka saya ba.

Sai kuma masu tsada da ake tallatawa da cewa su ba sa riƙe ruwa, irin su mai HCl da etil esta. Ka auna maganar da kanka. Idan kiriyatin ya shiga tsoka, ruwa zai bi shi, ko da wane suna ya shigo. Wanda bai jawo ruwa ko kaɗan ba, to bai shiga ba. Mai HCl ya fi narkewa a kofi, wannan gaskiya ne, kuma zai iya yi wa mai raunin ciki sauƙi, amma ba a nuna ya fi cika tsoka ba. Etil esta da aka gwada shi da monohaidiret, wato nau'in kiriyatin da aka saba sayarwa, a 2009 bai fi shi ba, sai ma aka ga yana lalacewa ya ɗaga kiriyatinin, wato ragowar kiriyatin da ya lalace, a jini. Monohaidiret shi ne aka yi kusan duk binciken da shi, kuma shi ne mafi araha.

Batun zafin Maris da Afrilu, lokacin da Zariya take gasa mutum tun hantsi: ana yawan cewa tunda kiriyatin yana janye ruwa zuwa tsoka, zai bushe jini ya kawo ɗaurewar jijiya. Binciken da aka yi kan 'yan wasa masu atisaye a zafi bai nuna haka ba, ruwan jikinsu gaba ɗaya ma ƙaruwa ya yi. A sha ruwa yadda gumi ya nema, har fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske, ba sai an ɗura lita shida ba. Abin da yake da haɗari na gaske shi ne akasin haka, wato mutum ya rage shan ruwa ko ya sayi ƙwayar sa fitsari irin furosemaid don ya bushe fatarsa kafin ɗaukar hoto. Ƙwayar tana zubar da ruwan jini tare da fotasiyam, tsoka ta lafe ta rasa cikar da aka sha wahalar nema, zuciya kuma ta iya rikicewa a bugunta. An rasa masu gina jiki a gasannin duniya ta wannan hanya.

Ruwan da ke cikin tsoka aro ne, ranar da ka daina zai fara tafiya, cikin mako huɗu zuwa shida kilon nan ya sauka damtse ya rage ɗan abin da ya ƙara. Wanda ba ya tafiya shi ne naman da aka gina da ƙarin ɗagawa ɗaya ko biyu a kowane zagaye, waɗanda kiriyatin yake bayarwa ta hanyar saurin mayar wa tsoka makamashinta a aikin daƙiƙu kaɗan. Shi ya sa awon da zai gaya maka ko kuɗinka ya yi amfani ba na makon farko ba ne, na wata na uku ne, a littafin da kake rubuta nauyin ƙarfe da yawan ɗagawa.

Idan za ka yi gwajin ƙoda a asibiti kana cikin sha, ka gaya wa likita tun kafin a ɗebi jini. Abin da ake aunawa kiriyatinin ne, wato ragowar da kiriyatin yake komawa idan ya lalace, kuma mai yawan tsoka da yake shan garin zai iya nuna adadi da ya ɗan haura ba tare da ƙodarsa ta samu matsala ba. Likita zai iya duba furotin a fitsari, ko ya ce ka dakata na wasu makonni a sake, ko ya nemi gwajin sistatin C inda ake yin sa, wanda yawan tsoka da kiriyatin ba sa ruɗa shi.